Sharhi Ba Maimaita Labari Ba Ne: Misali Daga Labarin Baba Mutuniyar Karo

Yawancin sharhin littafi da nake gani a jaridunmu, da mutum ya kai sakin layi na biyu zai gane inda aka dosa: babi na ɗaya ya ce kaza, daga nan babi na biyu ya ce kaza, a ƙarshe a yi wa marubuci addu'ar Allah ya ƙara basira. Alamar ke nan. In tsarin sharhinka ya bi jerin babobin littafin sau da ƙafa, to taƙaitawa kake yi.

Mu ɗauki labarin Baba mutuniyar Karo. Baba tsohuwa ce da aka haifa wajen 1877. Ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta da Hausa a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ita kuma ta rubuta, ta fassara, aka buga da Turanci a 1954. Wannan ya ishi mai karatu sanin ko wane irin littafi ne. Auren Baba huɗu da bukukuwan suna, a bar masa ya je ya karanta da kansa.

Aikin mai sharhi yana farawa ne da tambayar abin da littafin ya yi alkawari. Wannan bai ce shi tarihin sarauta ba ne, don haka wanda ya zarge shi da rashin kawo bayanin yadda Turawa suka ci Kano a 1903 ya yi zalunci. Ya je rumfar mai goro neman gishiri. Alkawarinsa rayuwar cikin gida ta bakin mace, kuma a nan ya cika shi: kishi, ƙawance, riƙon 'ya'ya, bori.

Sai tambaya mai nauyi: daga ina hujjar ta fito, wa kuma ba a ji ba? Dangin Baba masu rinji ne, suna da bayi. Abin da muka sani game da zaman bayin nan, daga bakin 'yar iyayen gijinsu muka ji shi. Haka kuma inda ta nuna zuwan Turawa ya kawo sauƙin hare-hare, sai a tuna da wa take magana: Baturiya ce, a zamanin mulkin Turawa, mijinta kuma yana binciken al'adu a yankin. Wannan bai sa Baba ta zama maƙaryaciya ba, don hare-haren kamun bayi sun taɓa danginta. Amma wajibi ne mai sharhi ya nuna wurin, da lambar shafi, ya ce a nan a taka a hankali. Suka ba shafi, gulma ce.

Ni da zan yanke hukunci, cewa zan yi: mai son sanin zaman matan karkara kafin zuwan Turawa da bayansa, ya nemi littafin nan ko a aro. Mai binciken bauta kuwa ya karanta shi a matsayin shaidar ɓangare ɗaya.