Seiko 5: Agogon da Motsin Hannunka Ke Ciyarwa

Duk mai son ganin gwaninta ya samu Seiko 5 mai bayan gilashi, irin mai inji 7S26, ya juya shi ya kalla. Wallahi ba na gajiya da kallon nan! Wani faifan ƙarfe ne mai siffar rabin wata yake lilo a kan inji, nauyinsa duk a gefe guda. Ka ɗaga hannu, ka miƙa gaisuwa, ka yi tafiya, nauyin nan ya rinjaya ƙasa, faifan ya juya. Ba batir, ba caji.

Inda abin ya fi burge ni shi ne yadda juyin ke isa ga sifirin da ke tafiyar da agogon. Tun 1959 kamfanin Seiko ya ƙirƙiro wata 'yar liba mai hannu biyu, kowane da ƙugiya a baki, suna riƙe da wata ƙafa mai ƙananan haƙora. Hannu ɗaya ja yake yi, ɗayan turi. Ko dama faifan ya nufa ko hagu, ƙafar gefe guda take bi, tana ƙara naɗe sifirin a cikin ɗan gwangwaninsa. Sauƙin dabarar ya isa abin jinjina! Kuma in sifirin ya cika, ƙarshensa zamewa yake yi a jikin gwangwanin, don haka yawan motsi ba ya tsinka shi.

Daga nan sifirin yake warwarewa a hankali, inji na sakin ƙarfin bugu shida a kowace daƙiƙa, wato 21,600 a awa. Shi ya sa hannun daƙiƙa yake tafiya sumul.

To me ke tsayar da agogon? Sifirin kamar randa ce: in ana ɗiba ba a zubawa, dole ta ƙafe. Cikakken naɗi yana kai wajen awa 40. Ka cire agogon ƙarfe 10 na dare ranar Juma'a a cike, zai tsaya wajen 2 na ranar Lahadi. Lafiyarsa ƙalau. Wanda kuma ya wuni zaune a ofis bai cika shi ba tun farko, nasa zai riga haka tsayawa.

Wannan injin ba a wana shi da hannu, ko ka murɗa kan da ke gefen agogon ba abin da zai ƙaru. Riƙe shi a kwance ka kaɗa hagu da dama a hankali kamar rabin minti, ka saita lokaci, ka ɗaura. Kada dai ka canza kwanan wata tsakanin 9 na dare da 4 na asuba, lokacin haƙoran kalanda suna aiki.

Amma in ka wuni kana kai-komo da shi, ya kasa kai gobe, ko ka ji faifan na gogar murfi, wataƙila mai ya bushe ko wani abu a injin ya cinye. Kai shi wurin mai gyara. Ni kam, in dai agogo ne, a bar ni da wannan!