"Malam, fassara mini fari": wane farin?

Akwai wata ɗabi'a da ta yi yawa a jarrabawar aji, wadda ban yarda da ita ba: a jero wa yaro kalmomi tsurarsu, a ce ya fassara zuwa Ingilishi, maki ɗaya-ɗaya. Wannan ba gwajin harshe ba ne, canki-canki ne.

Mu ɗauki "fari". A bakin manomin Ɗanbatta ba kalma ɗaya ba ce. Akwai fari na launi, mai gajeren wasali a gaɓar farko da karin sauti sama-sama. Akwai fari na ɗaukewar ruwa, irin wanda ya addabi ƙasar Hausa a 1973. Shi ma gajere ne, amma karinsa sama-ƙasa. Jam'in fara kuwa dogon wasali gare shi, ƙasa-sama. Sai na "ɗan fari", dogo, sama-ƙasa. Kunne yana rarrabe su nan take. Matsalar ita ce daidaitaccen rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa duka huɗun suka zama haruffa huɗu iri ɗaya. Ƙamusun Bargery na 1934 yana sa alamomin, amma wa ke sa su a saƙon waya?

To, ga jimla: "Fari ya ci gonar." Wakilin suna "ya" ya raba gardama, tilo ne namiji, wato ruwa ne ya ɗauke. Da "sun ci" aka rubuta, da ƙwari ne. Amma a mayar da ita "Bai samu gero ba saboda fari", shi ke nan, wannan madogara ta tafi. Dole ka duba abin da ke gaba. In ka ga "ya bushe tun kafin ya fid da kai", rashin ruwa ne. In ka ga "ko ganye ba su bari ba", fara ce ta sauka. Haka "ɗan fari ne": babban ɗa ake nufi, ko wani mai hasken fata? Wanda ke cigiyar yaro a kasuwa kamanni yake faɗa, mai lissafa 'ya'yan gida kuma haihuwa yake nufi.

Kada kuma a ɗora wa rubutu laifin duka. "Ta sauka" furuci ɗaya ne, amma ko daga mota ne, ko baƙuwa ce ta iso, ko mai ciki ce ta haihu. Ingilishin ma haka yake. Kalmar "left" da WhatsApp ke nunawa bayan lambar mutum ba hagu ba ce, ficewa ya yi daga zauren.

Saboda haka malamin da ya rubuta "fari" a allo, ya ba mai launi maki, ya soke wanda ya kawo rashin ruwa, ya zalunci yaron. Wataƙila ma ɗan manomi ne da gonarsu ta ƙone bara. A ba shi jimla cikakkiya tukuna, sannan a ɗauki jan biro.