Gicciyen layukan matsakaici a kirifto: me ya sa yake zuwa a makare

Idan kana bin masu nazarin kirifto, ba mamaki ka taɓa jin ana cewa layin kwana 50 ya haye na kwana 200, don haka a saya. A dandalin TradingView ana kiran wannan Golden Cross, idan kuma ya nutse ƙarƙashi a ce Death Cross. Ra'ayina shi ne, wannan gicciye labarin abin da ya wuce yake ba ka, amma ana tallata shi kamar hasashen gobe. Kafin ka zuba kuɗinka a kansa, mu duba lissafin.

Layin SMA ba wani sirri ba ne. Na kwana 50, farashin rufewar kwanaki 50 na baya ake tarawa a raba da 50. Kowace rana sabon farashi ɗaya ya shigo, mafi tsufa ya fita. Wato farashin yau kashi ɗaya cikin 50 kawai yake ɗauka. Idan kasuwa na tafiya a miƙe, layin yana nuna inda farashi yake wajen rabin tsawonsa a baya: kusan kwana 25 ga na 50, kusan kwana 100 ga na 200. Kana kwatanta tsohon labari da wanda ya fi shi tsufa ke nan.

Ga misali ƙarami da za ka iya bi da biro, da layin kwana 2 da na kwana 4. A ce farashin wani kwandala ya tafi haka cikin kwana takwas: 100, 96, 92, 88, 92, 96, 100, 90. Ƙasan faɗuwar a rana ta huɗu yake, a 88. A rana ta biyar farashi ya juyo zuwa 92, amma gajeren layi yana 90, dogon yana 92, babu alamar saye. Sai a rana ta shida gajeren ya kai 94, dogon yana nan a 92, suka gitta. Ka saya a 96, alhali daga tashin 12 da za a yi, 8 sun riga sun wuce ka.

To alamar sayarwa fa? A rana ta takwas farashi ya faɗo 90. Gajeren layi yana 95, dogon yana 94.5, har yanzu suna cewa ka riƙe. Idan washegari ya sake rufewa a 90, gajeren ya zama 90, dogon 94, sannan alamar ta fito. Ka saya a 96, ka sayar a 90, ga kuɗin hada-hada sau biyu. Layukan ba su yi kuskuren lissafi ba, haka aka gina su.

Wannan ya faru a zahiri. A watan Maris na 2020 Bitcoin ya faɗi ƙasa da dala 4,000 a wasu kasuwanni a tsakiyar watan. Death Cross bai bayyana ba sai wajen ƙarshen watan, lokacin da farashi ya riga ya farfaɗo sama da dala 6,000. Wanda ya bi alamar ya sayar bayan guguwa ta wuce, sannan Golden Cross ta dawo da shi a watan Mayu, farashi na sama da dala 9,000.

A yi adalci, tsarin yana da ranarsa. Wanda ya shiga a Mayun nan ya riƙe, ya ci tashin da ya kai Bitcoin sama da dala 60,000 a 2021. Gicciye yana biya ne idan tafiyar ta yi tsawon da ya fi jinkirin layukan. Inda yake cin mutum shi ne kasuwar da ke kai-kawo a wuri ɗaya: layukan su kwanta, su manne da juna, ƙaramin motsi ya sa su gitta, ka riƙa saye da tsada kana sayarwa da araha.

Wasu za su ce ka koma EMA, wanda ya fi bai wa farashin kwanan nan nauyi. Gaskiya yana saurin juyawa, amma saurin nan ne ke sa shi amsa kowace hayaniya, alamun ƙarya su ƙaru. Kirifto kuma ba ya hutun ƙarshen mako, kuma rufewar rana yanke lokaci ne kawai, galibi sha biyun dare agogon UTC, ƙarfe ɗaya na dare a Najeriya. Motsin awa guda kafin lokacin na iya haifar da gicciye, ya warware washegari.

Don haka idan ka ga gicciye, duba dogon layin tukuna. Idan a kwance yake, kuma layukan sun gitta sau da dama a 'yan makonnin nan, alamar ba ta da nauyi. Sannan ka auna nisan da farashi ya riga ya yi daga inda ya juyo. A misalinmu kashi biyu cikin uku na tashin ya wuce kafin layukan su ce komai.