Sunan Waƙa Bashi Ne

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon masu tura waƙa a kasuwar Mubi ya san yadda cinikin yake. Mutum zai miƙa wayarsa, mai shago ya riƙa karanto masa sunaye, shi kuma yana cewa "sa min wannan, bar waccan." Bai ji waƙar ba tukuna, suna kawai ya saya. In ya isa gida ya kunna, layin farko ne zai sa ya zauna ko ya danna ta gaba. Shi ya sa nake cewa sunan waƙa da layinta na farko bashi ne mawaƙi ya ci, kuma sauran waƙar duka biyan bashin ne.

Manazarta sun daɗe da ba waɗannan abubuwa suna. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero yana kiran babban saƙon waƙar baka da turke. Kalmar ta yi daidai, mu da muke garin kasuwar shanu mun san aikin turke: dabba tana iya zagayawa ta ci ciyawa hagu da dama, amma igiya ba ta barinta ta ɓace. Sunan waƙa da amshinta su ne ke nuna wa mai sauraro inda aka kafa turken. Ɗiyan waƙa kuwa, wato baitocin da jagora ke zubawa tsakanin amshi da amshi, su ne zagayen.

Mu ɗauki waƙar "Karen Mota" ta marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Sunan kalma biyu ne, amma ya faɗi wanda za a yi magana a kansa, ya kuma faɗi matsayinsa a idon jama'a, tunda ba "yaron mota" aka ce ba. Wanda ya ji sunan ya san za a kai shi tasha, ba fada ba. Kuma haka aka yi: da kuntiginsa shi kaɗai, Ɗan Maraya ya tsaya kan wannan bawan Allah, aikinsa da kamanninsa da halinsa. Sunan bai yi alkawarin abin da ya fi ƙarfin waƙar ba. Ya ɗauki ɗan ƙaramin fili ya nome shi tas.

A rubutacciyar waƙa ma haka ne. Malam Sa'adu Zungur, da ya rasu a 1958, ya sa wa waƙarsa "Arewa Jamhuriya ko Mulukiya". Wannan suna tambaya ce, kuma wanda ya yi tambaya a bainar jama'a dole ya amsa. Bai noƙe ba: ya zaɓi mulukiya, tare da gargaɗin sarakuna cewa in ba su gyara ba sarautar za ta kuɓuce musu. Ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, ka san ya biya abin da ya ɗauka.

To, mu dawo gida. Kwanakin baya wani matashi daga nan Nassarawo, ɗan aminina, ya kawo min waƙar da ya buga a situdiyo. Ya ce, "Baba, ka saurara ka faɗa min gaskiya." Ya kuma yarda in yi maganarta a nan ba tare da na ambaci sunansa ba. Sunan waƙar "Komawa Gida". Bayan bisimilla da salati, layin farko shi ne:

Na bar tukunya bisa murhu, ban kulle ƙofa ba.

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Babu ɗan Mubi da ya ga ƙarshen watan Oktoba na 2014, ranar da 'yan Boko Haram suka shigo gari, da zai ji wannan layi bai gane ba. Wasu sun bi daji zuwa Kamaru, wasu sun nufi Yola, da yawa da kayan jikinsu kawai. Sunan ya yi alkawarin komawa, layin farko ya yi alkawarin tukunya da ƙofa. Mai sauraro yanzu abu biyu yake jira: yaya aka dawo, kuma me aka tarar bayan wannan ƙofa?

Sai na ɗauki biro na ƙirga. Waƙar ɗiya tara ce. Na ɗaya da na biyu suna kan gudun, kuma sun yi kyau: ƙafa ta kumbura, uwa tana ƙirga 'ya'yanta a hanya. Na uku addu'ar zaman lafiya ce ga Najeriya baki ɗaya. Daga na huɗu zuwa na bakwai gaisuwa ce: mai situdiyo, wani alhaji da ya biya kuɗin bugawa, abokai, 'yan majalisar shayi. Na takwas habaici ga mahassada. Na tara "sai wata rana." Ba a koma gida ba. Tukunyar nan har yau tana kan murhu.

Na ce masa, "Ɗana, ka sayar min da saniya ka miƙo min igiya." Ya yi dariya, amma ya ce ai gaisuwa dole ce, in bai ambaci alhajin ba wa zai biya masa ta gaba? Gaskiyarsa, kuma ba gaisuwar nake ƙi ba. Makaɗanmu na da ma suna gaida mutane a tsakiyar waƙa, marigayi Mamman Shata ya shahara da haka. Amma amshi yana nan yana jawo kunne zuwa ga turke. Laifin wannan waƙa shi ne gaisuwa ta cinye gurbin biyan bashi, kuma amshin nata "Allah ba mu lafiya" ne kawai, wanda zai zauna a kowace waƙa.

Gyaran da na ba shi bai kai a sake waƙar daga tushe ba. Ɗiya biyun farko su tsaya yadda suke. Na uku ya zama zaman baƙunta, cin tuwon gidan wani da kunya. Na huɗu labarin da ya iso cewa an ƙwato gari, da gardamar a koma ko a dakata. Na biyar hanyar dawowa. Na shida isowa ƙofar gida. Na bakwai tukunyar: ko an tarar da ita ta yi tsatsa, ko an tarar babu ita, shi ya sani, tunda gidansu ne. Gaisuwa duka a dunƙule ta a na takwas, a gaida su a matsayin waɗanda aka dawo tare. Amshi kuma ya ɗauki kalmar "gida" ko "ƙofa".

In kuwa ba zai iya wannan ba, akwai hanya ta biyu, kuma ba abin kunya ba ce: ya rage alkawarin. Ya cire layin tukunya ya adana shi, ya sa wa waƙar "Gaisuwar Nassarawo". Da wannan suna babu wanda zai ce an cuce shi.

Gwajin da na yi kowa zai iya yi kafin ya kashe kuɗin situdiyo. Ka rubuta sunan waƙar da layin farko a saman takarda. Ka karanta su ga wanda bai san waƙar ba, ka tambaye shi me yake sa ran ji. Sannan ka bi ɗiya ɗaya bayan ɗaya, kana sa alama a kan wanda ya amsa masa. In masu alama ba su kai rabi ba, ko abin da ka ambata a layin farko bai sake fitowa ba har ƙarshe, to ko dai sunan ya canza ko waƙar.

Yaron ya karɓi takardarsa ya tafi. Jiya mun haɗu bayan la'asar, ya ce ya rubuta har ƙofar gida, ɗan tukunyar ne ya gagare shi, sai ya tambayi mahaifiyarsa abin da ta tarar. Na ce masa can ya kamata ya fara zuwa tun farko.