Takardar Neman Aikin Mai Zanen Gini: Sakin Layin Awo

Ofisoshin da ke raya tsofaffin gine-gine a Gana ba su da yawa, kuma akasarin aikinsu yana bakin teku, kan ganuwoyin Turawa irin na Elmina da Cape Coast da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1979. Saboda haka matashin da ya gama karatun zanen gine-gine a jami'ar KNUST ta Kumasi, ɗan zangon Salaga ko Yendi ko Bawku, idan ya zauna rubuta takardar neman aiki a irin wannan ofis, yakan ɗauka ba shi da abin nunawa sai ginin laka. Sai ya ɓoye shi, ya cika shafin da AutoCAD da Revit da zancen yadda yake ƙaunar al'adun gargajiya tun yana yaro. A ganina ya jefar da tsabar, ya riƙe dusa.

Takardar da Turanci ake rubuta ta, shafi ɗaya, kuma fasalinta sananne ne. Akwai gabatarwa, inda zai faɗi gurbin da yake nema da matsayinsa, wato ko ya gama bautar ƙasa ta shekara ɗaya, ko yana kan hanyar rajista da hukumar rajistar masu zanen gine-gine. Akwai rufewa ta ladabi. Waɗannan kowa ya iya su. Tsakiyar ce ake karantawa da gaske, domin a wannan sana'a ba a taɓa bango sai an auna shi an rubuta halin da yake ciki. Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta wajabta cikakken rahoto da zane da hotuna a kowane aikin gyara, kuma ƙaramin ma'aikaci ne ake turawa rana da tef da allo. Abin da mai ofis yake so ya sani shi ne: in na tura yaron nan shi kaɗai, zan iya dogara da zanen da zai kawo?

Galibin takardun sukan amsa da jimla ɗaya: "Ina da ƙwarewa sosai a awon gine-gine." Wannan ba ta ɗauke da komai da za a iya dubawa. Ga yadda mai abin faɗa zai iya sa shi, a misalin da na ƙirƙira:

"A watan Janairu, ni da abokin karatuna mun auna wani gida mai ɗakuna 7 a Yendi, da izinin maigidan. Mun ja layin daidaito mita 1 daga ƙasa da tiyon ruwa, muka auna kowane ɗaki har da kusurwa zuwa kusurwa, na zana fasalin a ma'aunin 1:50. A bangon gabas na zaure na sami yaɓen siminti ya rabu da laka har tsayin santimita 60 daga ƙasa. Ban hau rufin ba, don haka zanen rufin ƙiyasi ne, kuma na rubuta haka a jikinsa."

Kowane yanki na wannan sakin layi yana da aikin da yake yi. Ɗauki awon kusurwa. Ɗakin da faɗinsa mita 3 ne, tsawonsa 4, in kusurwoyinsa a miƙe suke, daga wannan lungu zuwa wancan mita 5 ne cif. Idan tef ya nuna 5.3, ɗakin ya karkace, kuma haka ginin hannu yake kusan kullum. Wanda bai auna wannan ba zai koma kwamfuta ya zana akwati mai kyau wanda babu shi a duniya, sai ranar da aka yanko katakon rufi bisa zanensa asiri ya tonu. A ma'aunin 1:50, milimita 1 a takarda santimita 5 ne a ƙasa, saboda haka kuskuren santimita 30 ba ya ɓuya ga idon da ya saba. A gidajen Dagomba da na Kusasi a kewayen Bawku kuwa, inda ɗakuna da yawa kago ne, babu ma kusurwar da za a kama. Sai a kafa turaku biyu, a auna nisan da ke tsakaninsu, sannan a auna wurare da dama a jikin bangon daga kowannensu. Matashin da ya ambaci wannan a jimla ɗaya ya nuna ya taɓa tsayawa cikin kago da tef a hannu.

Layin daidaito shi ma haka. Daɓen tsohon gida ba ya zama shimfiɗe, ga shi bangon laka ya fi kauri a gindi, yana sirancewa sama. In ba a faɗi a wane tsayi aka auna kaurin ba, lambar ba ta da amfani.

Maganar siminti ita ce ta fi nauyi, domin tana da tarihi a arewacin Gana. A shekarun 1970 an yaɓe masallacin Larabanga da siminti da niyyar kare shi daga ruwa. Sai simintin ya kulle danshi a ciki, laka ta ruɓe, gara ta shiga itatuwan. Bayan da masallacin ya shiga jerin World Monuments Watch a 2002, aikin da aka yi tare da Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Gana da cibiyar CRAterre ta Faransa ya haɗa da kankare wannan siminti a mayar da yaɓen ƙasa. Duk wanda zai karanta takardar ya san wannan labari. Ana gane cutar da ƙwanƙwasawa: yaɓen da ke manne yana amsawa da nauyi, wanda ya rabu yana ƙara kamar ƙwarya. Mai neman aiki da ya ce ya ƙwanƙwasa, ya shata iyakar wurin a zane, ya wuce mai awo kawai, ya fara karanta gini.

Watan da aka yi aikin ma hujja ne. Tsagar da aka gani a Janairu, lokacin hunturu, ba lallai ta zama yadda take a Satumba ba, watan da wani ɓangare na tsohon masallacin Bole ya rushe bayan ruwan sama a 2023. A Salaga, inda rijiyoyin zamanin cinikin goro da bayi suke warwatse, zurfin ruwan da aka rubuta ba tare da kwanan wata ba labari ne kawai, kuma da damina ciyawa kan rufe bakin wasu har a tsallake su a lissafi.

Akwai abin da matasan zango suke raina wa kansu, alhali ɗan Ankara ba zai same shi a aji ba. Ba a shiga harabar fada a Yendi da tef don kawai an zo da wasiƙar jami'a, musamman a garin da aka kai wa Fadar Gbewaa hari a 2002. Sai an bi ta hannun dattawa, an yi gaisuwa, an san inda ba a ɗaukar hoto. A Bawku, dokar hana fita da ake yawan sakawa tana rage sa'o'in aiki, kuma ba kowace unguwa baƙo zai kafa turaku ba tare da an tambaye shi ko filin wa yake shatawa ba. Wanda yake jin Hausa da Dagbani ko Kusaal ya rubuta haka ƙarara, ya faɗi wanda ya ba shi izini, ko liman ne ko maigida.

Jimlar ƙarshe ta misalin, wadda ta ce ban hau rufin ba, ita ce masu ba da shawara sukan ce a goge. Ni da ita zan fara auna mutum. Zanen awo na kirki yana bambanta abin da aka auna da abin da aka ƙiyasta, sau da yawa da layi mai ɗigo-ɗigo, saboda wani zai zo ya yi lissafin kuɗi da kayan aiki a kansa. Abin da ya rage shi ne mai neman aikin ya haɗa wa takardar shafi biyu: hoton zanen hannu na fili, da lambobinsa da gogensa da ƙurar da ta hau shi, da kuma tsaftataccen zanen da ya fito daga cikinsa, domin mai ofis ya ɗauki lamba uku ko huɗu ya gwada ko sun yi daidai.