AMSA SITATUS: SHARHI A KAN SABON SALON ZANCE

Yau sharhina a kan wani salo ne da ya cika littattafan soyayyar da ake karantawa a waya, wato yarinya ta ga sitatus ɗin wanda take so a ɓoye, ta jefa masa magana mai zaƙi, kafin shafi goma an sa rana. Marubuta sun mai da abin kamar yankan wuƙa, to ni dai ban yarda ba, kuma ga dalilaina.

Mu fara da yadda abin yake aiki. A shekarar 2017 WhatsApp ya fito da sitatus mai hoto, wanda ke ɓacewa bayan awa 24. Ba za ki ga sitatus ɗin mutum ba sai kin ajiye lambarsa, shi ma ya ajiye taki. Nan 'yan mata ke fara ruɗuwa, wai ai tunda ya ajiye lambata yana ciki. Haba 'yar uwa! Mai kawo miki atamfa bashi ma ya ajiye ta. Sannan in kika amsa, maganarki ba ta tsayawa a ƙasan hoton kowa ya gani, kai tsaye take faɗawa akwatin hirarku, daga ke sai shi. Kin ga ashe kin yi sallama a ɗakinsa ne, kina zaton a ƙofar gida kika tsaya.

Mu ɗauki misali. Ranar Juma'a ya sa hotonsa cikin farar shadda da hula zanna. Ta kalla ta sake kalla, sunanta na nan cikin jerin waɗanda suka gani. Can bayan isha'i ta rubuta, "Kwalliya ta biya kuɗin sabulu, wace mai sa'ar ce aka yi wa?" A matsayina na marubuciya na yaba hikimar, don magana ce mai ƙofa biyu, in ya share ta ta ce wasa take, in ya karɓa shi ke nan. Amma ki duba abin da ta bayar a layi ɗaya: ta nuna ya burge ta, ta nuna tana son sanin ko yana da wata, ta nuna idonta biyu a wannan lokacin. Shi kuwa me ya bayar? Hoton da wataƙila mata arba'in suka gani. Sai ya amsa, "Mai sa'ar ce ke tambaya." Wallahi wannan amsa ba ta ci masa ko sisi ba, kuma za ta yi daidai da duk wadda ta taɓo shi a daren.

Abin da littattafan nan ke tsallakewa shi ne, hoton zai ɓace gobe, amma maganarta tana nan daram a wayarsa. Ko ta danna "Delete for everyone", in ya riga ya ɗauki hoton hirar, bakin alƙalami ya bushe, kuma WhatsApp ba zai sanar da ita ya ɗauka ba. Ran da aka ɓata, ita za a nuna wa majalisa a ce ga wadda ta fara. Matar aure kuwa da ta yi wa tsohon saurayi haka, da igiyar aurenta take wasa.

Akwai kuma tarko. A tsarin sitatus akwai "Only share with...", inda mutum ke zaɓar wanda zai gani. Sai ya sa kalaman kaɗaici ke kaɗai ya nufa, ki tausaya ki amsa, a tashi ke ce mai nema. In kina zargi, ki tambayi wata da suke da lambar juna ko ta ga abin da kika gani.

To yaya ake gane mai gaskiya bayan hira ta buɗe? Ki lura da lokacinsa da tambayoyinsa. Wanda ba ya waiwayarki sai sha biyun dare, tambayarsa ba ta wuce "turo hotonki", ko mai sa mutum biyu ya yi shuɗi ya yi kwana uku bai tanka ba, wannan abokin hira ya samu. Mai nufin alheri cikin mako ɗaya ko biyu zai tambayi unguwarku, da wanda zai gani a gidanku. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ban ce laifi ne mace ta nuna tana so ba, Nana Khadija ma ita ta aika, amma ta hannun amintacciya ta bi. Roƙona ga 'yan uwana marubuta, in za ku rubuta wannan fage ku rubuta shi har ƙarshe, da wadda ta dace da wadda aka yi wa dariya. Allah Ya haɗa kowa da rabonta na alheri, amin.