Haƙoran Matsefi a Kaset ɗin Biki

A Kebbe da Tambuwal, kamar sauran garuruwanmu, akwai gidajen da ke ajiye da kaset ɗin biki ko na hawan salla, da shirye-shiryen NTA Sakkwato da aka naɗa a gida. Yanzu ana kai su shago a juye zuwa waya, kuma a wajen juyin ne ake yi musu illa biyu.

Ta farko asalinta tsarin PAL ne, wanda talabijin ɗin Nijeriya ke bi. Kyamarar lokacin ba ta ɗaukar hoto ɗungurungum. Layuka 576 ne a hoton, sai ta ɗauki layi ta tsallake layi, bayan kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa ta dawo ta ɗauki waɗanda ta bari. Tsohuwar talabijin tana nuna rabi bayan rabi, ido bai ankara ba. Waya kuwa haɗe su take yi lokaci guda. Idan doki ya zabura tsakanin rabin farko da na biyu, sai ka ga gefen ƙafarsa ya yi zara-zara kamar haƙoran matsefi, alhali bangon da ke bayansa lafiya lau.

Mai shago da ke sauri yakan zubar da rabi ɗaya ya huta. Haƙoran sun tafi, amma hoto 50 a daƙiƙa ya koma 25, sukuwa ta zama tsalle-tsalle. A ganina wannan asara ce, domin manhaja na iya cike kowane rabi ya zama hoto cikakke. Sai dai a san wanne ne ya riga. Kaset ɗin MiniDV da rabin ƙasa yake farawa, shirin talabijin galibi da na sama. In aka juya jerinsu, hannun makaɗi zai riƙa gaba yana baya kamar mai makyarkyata.

Illa ta biyu ta siffa ce. Hoton MiniDV faɗinsa ɗigo 720 ne, amma ɗigon ba murabba'i ba ne. In aka nuna shi haka, mutane su ɗan rame. In aka ja shi ya cika allon 16:9 don gudun baƙin gefe, amarya ta ƙara kashi ɗaya cikin uku na faɗi. Gwajin ba wuya: nemi tayar babur ko faifai da ke fuskantar kyamara, ka ga ko da'ira ce.

Ga yadda ffmpeg ke gyara kaset ɗin MiniDV na 4:3:

```
ffmpeg -i biki.avi -vf "bwdif=mode=send_field:parity=bff,crop=704:576,scale=768:576,setsar=1" biki.mp4
```

Jerin da gangan ne: a raba layuka tukuna, a yanke ɗigo takwas a kowane gefe, sannan a gyara faɗi. Wanda ya fara rage tsayin hoto ya cakuɗa rabin biyu, haƙoran su zama igiyar ruwa da ba ta gyaruwa, sai dai a sake ɗauko kaset ɗin, in ba a riga an jefar da shi ba.